Allon Tela: Yadda Ake Tsara Kayan Sallah Tun Kafin a Taɓa Almakashi

 Iyayenmu da malamanmu, ƴan'uwana teloli maza da mata, da ku ƴan koyo da kuka cika bayan zauren nan, ina gaishe ku, ina kuma gode wa mutanen Kurni da suka tarbe ni tun jiya da ruwa da fura. An ce in yi magana a kan abin da masu tsara tufafi a makarantun Turai ke kira mudbod. Ni dai a shagona allo muke ce masa, kuma haka zan kira shi har in zauna. Ga shi nan na jingine shi a jikin kujera. Kwali ne na katan, faɗinsa santimita 60, tsawonsa 80, an lulluɓe shi da farin alawayyo, an kafa masa ƙyallaye da zare da hotuna biyu da wani guntun ɓawon rake da ya bushe. Wanda ya hango shi daga nesa zai ce wasan yara ne. Amma kaya shida sun fito daga jikinsa, kuma duk shidan an sa su ranar ƙaramar Sallar 2025.

Yawancinmu a nan aikinmu na jira ne. Mace ta zo da turmin atamfarta, ta buɗe waya ta nuna hoto, ta ce irin wannan. Ka auna, ka yanka, ka ɗinka. A irin wannan aiki ba ka buƙatar allo, domin an riga an yanke maka shawara. Buƙatarsa tana tasowa ranar da ka ce bari kai ma ka fitar da naka: riguna biyar ko shida ko goma, da kuɗinka, waɗanda in an rataye su a jere mai wucewa zai gane hannu ɗaya suka fito, uwa ɗaya uba ɗaya. A ranar ne za ka gane cewa wahalar ba ta rashin abin sha'awa ba ce. Ka shiga Kasuwar Dole a Damagaram ko Kantin Kwari a Kano da kuɗi a aljihu ba tare da ka tsayar da komai ba, duk ƙyallen da ka gani kyau zai yi maka. Ka dawo gida da yadi kala takwas, kowanne kyakkyawa, babu biyun da ke ga maciji da juna. Allo shi ne abin da ke ba ka bakin cewa a'a. Duk abin da ba shi da ɗan'uwa a jikin allon, ko ya kai gwal kyau, ba na wannan zubin ba ne.

Bari in ba ku labarin wannan na gabanmu daga tushe.

Sallar azumi ta 2025 ta faɗo a ƙarshen watan Maris. Kun san kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, don haka tela ba ya tsara kayan Sallah da yanayin bara, sai ya duba kalanda. Ƙarshen Maris a ƙasarmu sanyi ya tafi, zafi ya kunno kai, mace za ta tafi idi da hantsi ta wuni tana zumunci cikin rana. Tun kafin in zaɓi launi ko ɗaya, wannan ya riga ya fitar da leshi mai nauyi da duk wani yadi mai roba. Na rubuta a kusurwar allon da fensir: mata masu shekara ashirin da biyar zuwa arba'in, ranar idi da yawon Sallah, zafi. Wannan layi ɗaya shi ne farkon abin da ya hau allon, a watan Disamba, wata uku kafin Sallah.

Sai abin da za a kafa kayan a kansa. A nan ne ƴan koyo suka fi faɗuwa, domin sukan cika allonsu da hotunan rigunan wasu. In ka liƙa hoton riga, riga za ka kwaikwaya, ko kana so ko ba ka so, idonka zai riƙa komawa can. Gara ka ɗauko abin da ba tufa ba, wanda dole sai ka yi aikin juya shi ya zama tufa. Alfadi, wanda ya kafa bikin FIMA a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, ai da kayan ƙasar nan ya yi suna, adon Buzaye da aikin fata da na azurfa, abubuwan da kowa ke gani a kasuwa bai ɗauke su a bakin komai ba. Ni ban je da nisa ba. Ina dawowa daga Matamaye cikin motar kasuwa a lokacin sanyi, an ɗaure rake a saman mota, an kuma cusa mana wani dami a ƙafafunmu. Duk tsawon hanyar ina kallonsa. Ku mutanen ƙasar Kance ba sai an gaya muku rake ba, a koramunku yake fitowa, amma ina roƙon ku in kun koma gida ku ɗauki sanda ɗaya ku dube ta kamar ba ku taɓa gani ba.

Ɓawon baƙin rake ba baƙi ba ne. Wani ja ne mai duhu da ya karkata zuwa shunayya, kamar ruwan zoɓo da aka jiƙa da yawa. A ƙarƙashin kowace gaɓa akwai wani farin gari-gari da ya kewaye sandar kamar zobe, in ka goga da yatsa ya fita. Gaɓoɓin ba daidai suke ba: a gindi sun matsu kusa da juna, suna hawa suna buɗewa. A kowace gaɓa kuma akwai ido ɗaya, na wannan yana dama, na mai bi masa yana hagu. In ka fere ta, cikin ba fari fat ba ne, ruwan madara ne da ɗan ɗorawa-ɗorawa. Abubuwa biyar ke nan, kuma kowanne na tambayi kaina: me zai zama a jikin riga? Launin ɓawo da na ciki suka zama launukan yadi. Gaɓoɓin suka zama layukan surfani a kwance a ƙasan riga, na farko santimita 4 daga kalmasa, na biyu 6 daga na farko, na uku 9, na huɗu 13, suna buɗewa yadda rake ke yi. Farin zoben ya zama siririn zare mai haske a ƙarƙashin kowane layi. Idon rake ya zama ɗan ɗigon aiki kamar ƙwayar wake, sau ɗaya a dama, sau ɗaya a hagu. Wannan ita ce ƙa'idar da nake bi: duk abin da na kafa a allo sai na iya nuna inda zai fito a jikin tufa, ko a launi, ko a yadi, ko a yanka, ko a aiki. In na rasa, na cire shi. Na ɗauki hoton wani tsoho mai sayar da rake da hularsa ta malfa, hoto mai kyau ƙwarai, ya kwana uku a allon, na rasa abin da zan yi da shi, na zare shi na sa a littafi.

Yanzu maganar launi, kuma a nan zan daɗe, domin a nan kuɗi ke ƙonewa.

Allona na farko ba wannan ba ne. Na sa ƙyalle huɗu girmansu ɗaya: ja mai duhu, fari, kore na ganyen rake, da wani ruwan goro da na ce shi ne rairayin korama da rana. Ina ta jin daɗin kaina, sai ƙaramar yarinyar shagona, wadda ko wata shida ba ta yi da fara koyo ba, ta tsaya ta ƙura masa ido ta ce, «Hajiya, na bikin 18 ga Disamba ne?» Na duba, wallahi gaskiyarta. Ruwan goro, fari, kore: tutar Nijar ce na shimfiɗa ban sani ba. Ba laifi ba ne a ɗinka tuta, amma ba ita na nufa ba. Na cire ruwan goron gaba ɗaya, na mai da farin ruwan madara, koren kuma na rage shi.

Darasin da ke ciki shi ne girman ƙyalle a allo magana ce. In launuka uku suka zo da girma ɗaya, kowanne yana ɗaga murya, ba a san maigida ba. Masu wannan sana'a suna da wani ƙiyasi da suke farawa da shi: kashi sittin cikin ɗari ga babban launi, talatin ga mataimakinsa, goma ga na ado. Ba aya ba ce, amma tana hana rikici. Kayana shida, har da mayafai da ɗankwali, na lissafa za su ci yadi 30. Ke nan yadi 18 na ruwan madara, 9 na launin ɓawo, 3 kacal na kore. Ku duba allon: ƙyallen ruwan madara ya kai tafin hannu biyu, na ja tafi ɗaya, koren bai wuce yatsu uku ba. Mai sayen yadi ya kalli wannan ya san lissafinsa ko ba a gaya masa ba.

Kuma ƙyalle nake nufi, na gaske, wanda aka yanko daga yadin da za a saya. Hoton waya ba ya tsayawa a madadinsa. Gilashin waya haske yake fitarwa daga cikinsa, yadi kuwa hasken waje yake mayarwa, shi ya sa jan da ya yi maka kyau a waya in ya zo hannu sai ka ga ya mutu. Wayoyi biyu ma ba sa nuna launi ɗaya iri ɗaya. Manyan kamfanoni suna da littafin launuka na Pantone, kowane launi da lambarsa, mai tsarawa a Faris ya faɗi lamba mai rini a wata ƙasa ya fitar da shi. Mu lambarmu ita ce ƙyallen kansa. Ka yanka shi biyu, rabi a allo, rabi a aljihun wanda zai tafi kasuwa.

Kada a shafa masa gam a manne shi ɗam. A kafa fil a samansa kawai, ƙasan ya yi lilo, yadda za a iya ɗaga shi a murza a ga zubinsa. Boyal yana zuba kamar ruwa, shadda tana tsayawa da ƙafarta, musamman gezna irin ta kamfanin nan na ƙasar Ostiriya, atamfa tana tsaka-tsaki. Rigar da ka zana da tattara mai yawa in ka yi ta da shadda sai ta kumbura kamar tanti. Ƙyallen da aka manne ba zai gaya maka wannan ba. In ba ƙyallen launin ado ba ne, girmansa kada ya gaza santimita 10 kowane gefe, in kuma atamfa ce mai manyan zane, a yanko har zanen ya cika sau ɗaya, in ba haka ba ka ga kunnen giwa ka ce ganye ne.

Sannan a fitar da allon waje. A dube shi da hantsi a rana, a dube shi a inuwar zaure, a dube shi da dare a hasken ƙwan lantarki ko tocila. Akwai yadi biyu da za su zama tagwaye a cikin rumfar kasuwa, in an fito rana ɗaya ya karkata ja, ɗaya ya karkata shuɗi, saboda sinadarin rininsu ba ɗaya ba ne. Zare ma haka. A jikin ƙwaryarsa ya fi duhu, domin a tare yake, in an ɗinka shi sili ɗaya sai ya yi haske. Don haka ba na kafa ƙwaryar zare a allo, ina sa mai surfani ya yi mini layi ɗaya a kan ainihin yadin, shi nake kafawa. Ga shi nan a tsakiya, in an gama ku zo ku taɓa.

Waɗannan ƙyallaye biyu da kuke gani a gefe, ɗaya a kan ɗaya, su ne suka cece ni. Na so launin ɓawon ya zama rinin hannu. Muna da gadon rini a ƙasar Hausa, marinar Ƙofar Mata a Kano ana cewa tun 1498 take, turkuɗin Kura kuwa har cikin hamada ake neman sa, kuma duk wanda ya taɓa turkuɗi ya san baba yana hawa fata, wannan ma shi ne adonsa. To amma abin da yake ado a rawanin Buzu masifa ne a rigar da aka haɗa duhu da ruwan madara. Na ba wani marini farin yadi ya rina mini, launin ya fito yadda nake so. Na yanko ƙyalle biyu, kowanne santimita 10. Ɗaya na bar shi, ɗaya na ɗinka shi da guntun ruwan madara na wanke da sabulu na shanya. Da ya bushe, ruwan madarar ya koma ruwan hoda a bakin ɗinkin. Na kuma auna: 10 ta koma 9 da rabi. Rabin santimita kamar ba komai ba, amma kashi biyar ne cikin ɗari, a doguwar riga mai tsawon santimita 140 ya zama 7, wato rigar da ke shafar idon sawu ta ɗage bayan wanki ɗaya. Akwai gwaji mafi sauri ga mai gaggawa: ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a yadin sau goma, in ya ɗauko launi ka san sauran. Abin da na yi shi ne na wanke yadin 9 ɗin nan sau uku kafin yanka, har ruwan ya fita garau, sannan na sake zanen riguna biyu yadda jan ba zai haɗu da ruwan madara a ɗinki ɗaya ba. Jan ya koma zane da ɗankwali, rigar ta tsaya ita kaɗai. Yadi kwata ne ya koya mini wannan, ba yadi 27 ba.

Zanen siffar riguna ba sai ka iya zane ba. Nawa ga su a ƙasa, shida, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, baƙaƙe kamar inuwa. Abin da ake so a gani shi ne tsawo da faɗi da hannu. Rake miƙaƙƙe ne, don haka duk shidan miƙaƙƙu ne, masu sakin jiki saboda zafi.

Saura bayanin allo, wato faɗinsa da baki ko a rubuce. Mutane na raina wannan, alhali allon da mai shi bai iya faɗinsa ba bai gama nuna ba. Kalmomi irin su mai kyau, na zamani, na gargajiya, na manya, ba su da amfani a nan, domin kowace riga a duniya mai ita zai faɗi haka. Kalmar da za ta yi aiki ita ce wadda tela zai ji ya san abin da zai yi da hannunsa. Nawa ga yadda na rubuta shi a takardar da ke bayan allon:

«Kaya shida na ƙaramar Sallah, na mata manya, don rana mai zafi. An ɗauko su daga sandar rake. Miƙaƙƙu ne, marasa nauyi, masu layi a kwance. Ruwan madara ne babba, jan ɓawo na bi masa, kore ɗigo ne kawai a bakin hannu da gezar mayafi. Aiki yana ƙasan riga, layi huɗu masu buɗewa sama, wuya babu komai. Ban da dutse, ban da leshi, ban da zare mai ruwan gwal, ban da tattara a ƙugu.»

Jimlar ƙarshen nan ta ban da ta fi sauran aiki. Mai surfanina hannunsa ya saba da cika wuya, tun daga aska biyu da aska takwas na manyan riguna har zuwa na mata, in ya ga wuya fili sai ya ji kamar an bar gona ba shuka. Ya zo ya same ni ya ce, «Hajiya, ko ɗan kaɗan a wuyan nan, kada a ce ban iya ba.» Ban yi masa gardama ba, na juya allon na nuna masa takardar. Ya yi dariya ya koma kan kekensa.

Bayanin yakan sauya da mai saurare. Mai yadi a kasuwa ba ruwansa da rake, ƙyalle za ka miƙa masa ka faɗi yawan yadi. Tela ma'auni yake so. Mai saye ita ce ake ba labarin motar Matamaye, kuma na lura matan da suka fito daga wannan yanki su ne suka fi saurin ganewa, ɗaya ta ɗaga ƙasan rigar ta ƙirga layukan ta ce ai ga gaɓa nan har da ido.

In kana so ka san ko allonka ya tsaya, ga gwajin da nake yi. Ka kira telan da bai san komai a kan aikin ba, ka ba shi allon ya duba minti biyu, kada ka ce uffan. Ka zube masa ƙyallaye goma, uku na cikin tsarin, bakwai na waje, ka ce ya ware. In ya ware daidai ko ya kuskure ɗaya, allon ya yi magana. In ya tsaya yana juya su yana tambayar ka, to kaya sun yi yawa a kai, ka rage. Nawa abubuwa goma sha biyu ne duka, in an ƙirga zanen rigunan a matsayin ɗaya.

Akwai abin da allo ba ya iyawa, kuma mu na bakin iyaka mun fi kowa sani. Ba ya ajiye maka yadi a kasuwa. Ka yanko ƙyalle yau, ka koma bayan sati uku a ce ya ƙare, ko a kawo maka mai suna ɗaya amma na wani zubin rini, ya ɗan sha bamban. Kun tuna bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakarmu da Najeriya ta kasance a rufe har watan Maris na 2024, wanda ya dogara da Kwari ya ga ta kansa. Tun daga lokacin kowane babban launi ina kafa masa na biyu a bayan allo, wanda na tabbata ana samunsa a Damagaram, kuma da zarar gwajin wanki ya wuce ina sayen yadin gaba ɗaya daga bandir ɗaya, har da ƙarin yadi ɗaya a kan lissafi saboda kuskuren almakashi.

Yanzu zan sa a zagaya da allon, layin mata tukuna. A taɓa ƙyallayen, don haka aka yi su, amma a yi hankali da fil, kuma ɓawon raken nan ya bushe ƙwarai, in aka matsa shi zai karye. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.